Yadda ake lissafin nauyin bututu daga faɗinsa, kaurin bangonsa da tsawonsa

Bututun ƙarfe biyu suna iya kwanciya gefe da gefe a shago, faɗinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, fentinsu iri ɗaya, amma ɗaya ya kai kilo 32, ɗayan kuma ko kilo 22 bai cika ba. Ido ba zai raba su ba, domin bambancin yana cikin kaurin bangon ne, kuma duka-duka bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Wanda ya sayi na biyun da kuɗin na farko ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfensa. Idan kuma hasumiyar tankin ruwa za a yi da shi, asarar ba a kuɗi kaɗai za ta tsaya ba.

Ana iya sanin nauyin da ya kamata bututu ya yi tun kafin a ɗora shi a sikeli. Abubuwa huɗu ake buƙata: faɗinsa na waje, kaurin bangonsa, tsawonsa, da abin da aka ƙera shi da shi. Lissafin kansa layi ɗaya ne, kalkuletar wayar hannu ma ta ishe shi. Inda ake samun matsala shi ne wajen lambobin da ake zuba masa.

Zoben ƙarfen kawai ake lissafawa

Idan aka leƙa bakin bututu, zobe ake gani: da'ira ta waje, da'ira ta ciki, ƙarfe a tsakaninsu. Ramin tsakiya ba shi da nauyi. Saboda haka aikin shi ne a gano yawan ƙarfen da ke cikin zoben, a ninka shi da tsawon bututun, sannan a ninka da nauyin ƙarfen.

Hanyar da ta fi sauƙin ganewa ita ce mutum ya ɗauka an tsaga bututun daga sama har ƙasa, an buɗe shi an shimfiɗa kamar yadda ake warware tabarma. Abin da zai fito falle ne na ƙarfe. Tsawonsa shi ne tsawon bututun, kaurinsa shi ne kaurin bangon, faɗinsa kuma shi ne kewayen bututun. Sai dai bututu kewaye biyu gare shi, na waje ya fi na ciki tsawo. Wanda ake ɗauka shi ne na tsakiya, wato layin da ya ratsa tsakiyar bangon. Faɗin wannan da'irar ta tsakiya shi ne faɗin waje a cire kaurin bango sau ɗaya, domin rabin kauri ake cirewa ta hagu, rabi ta dama.

Ga yadda ƙa'idar take idan aka rubuta ta:

```
W = π × (D − t) × t × L × ρ ÷ 1000000
```

D shi ne faɗin waje a milimita, t kaurin bango a milimita, L tsawo a mita. Harafin ρ kuma shi ne abin da ake kira densiti, ma'ana kilo nawa mita kubik ɗaya na wannan abu yake da shi. Ga ƙarfen da ake walda da shi kullum, lambar ita ce 7850. Ana raba da miliyan ɗaya ne saboda D da t suna milimita, alhali densitin da mita yake tafiya, kuma murabba'in mita ɗaya yana ɗauke da murabba'in milimita miliyan ɗaya. Amsar tana fitowa a kilogiram.

Wanda ya yi lissafin sakandare zai fi tuna wata hanyar, wadda ake cire filin ƙaramar da'ira daga filin babbar. Amsa ɗaya suke bayarwa daidai wa daida, ba wai kusa da juna ba. Idan aka warware D² − (D − 2t)², abin da ke saura shi ne 4t(D − t), sai π/4 ɗin ya cinye huɗun. Don haka maganar shimfiɗa tabarmar ba kintace ba ce, tana aiki ga bututu mai sirin bango da mai kauri duka.

Masu harkar ƙarfe kan taƙaita abin. Tunda π da 7850 da miliyan ɗaya ba sa canzawa, sai a haɗe su wuri ɗaya su ba da 0.02466. Wannan ita ce lambar da ake yawan gani a jadawalin kamfanoni da manhajojin lissafin ƙarfe, ba tare da an ce ga inda ta fito ba:

```
kg/m = (D − t) × t × 0.02466
```

Misali da bututun inci biyu

A ɗauka wani mai walda ya karɓi aikin hasumiyar tankuna da shingen ƙarfe, takardar aikin kuma ta ce a yi amfani da bututun inci biyu mai lamba `SCH 40`, guda 40, kowanne mita shida. A jadawalin ASME B36.10, wanda wannan lambar ta fito daga cikinsa, faɗin wajen wannan bututu milimita 60.3 ne, kaurin bangonsa milimita 3.91.

Da farko a cire 3.91 daga 60.3, saura 56.39. A ninka da 3.91, a samu 220.5. A ninka wannan da 0.02466, sai ya ba da kilo 5.44 a kowace mita, wanda shi ne adadin da ke rubuce a jadawalin. Bututu ɗaya mai mita shida ya zama kilo 32.6. Guda 40 kuma kilo 1305, wato tan ɗaya da kusan sulusi.

Yana da kyau a riƙe hoton abin a kai. Duk ƙarfen da ke jikin wannan dogon bututu, da za a narkar da shi, lita huɗu da 'yan kai ne, ko rabin bokiti ba zai kai ba. Lita ɗaya ta ƙarfe kilo 7.85 ce, shi ya sa abin yake da nauyi haka.

Inci biyu ba inci biyu ba ne

Wanda ya lura zai ga wani abu bai zauna ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka inci biyu ya kamata ya zama 50.8. To daga ina 60.3 ta fito?

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, in an ce bututun ruwa na inci biyu, suna ne ake kira, ba awo ba. Haka abin yake a duk duniya. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da ake kiran bututu da kimanin faɗin raminsa, bangonsa kuma yana da kauri. Daga baya an riƙa sauya kaurin bangon, amma aka bar faɗin waje yadda yake, domin zare da soket da gwiwa duk a waje suke kamawa, kuma dole sabon bututu ya shiga tsohon mahaɗi. Sakamakon haka bututun rabin inci faɗin wajensa milimita 21.3 ne, na inci huɗu kuma 114.3. Sai an kai inci 14 zuwa sama sannan sunan yake daidaita da faɗin waje na gaskiya.

Wannan yana nufin duk bututun inci biyu na wannan tsari 60.3 ne a waje, ko mai kauri ne ko mai siri. Ramin ne ke matsewa idan bango ya ƙara kauri. Mai lamba `SCH 80` bangonsa milimita 5.54 ne, nauyinsa kilo 7.48 a mita. Mai `SCH 10` bangonsa 2.77, nauyinsa 3.93. Daga nesa ba mai iya bambance su ukun.

Idan mai waldar nan ya zuba 50.8 a matsayin D, zai samu kilo 4.52 a mita maimakon 5.44. Lissafinsa ya ragu da kashi 17 cikin ɗari, kilo 220 ke nan a kan guda 40. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne akwai wani bututun, irin siririn nan da ake kujeru da gadaje da hannun bene da shi, wanda shi ana kiransa da faɗinsa na gaskiya. Inci biyunsa 50.8 ne ko kusa da haka. Duka biyun a kasuwa ɗaya ake sayar da su, da suna ɗaya. Maganin wannan shi ne kada a taɓa ɗauko D daga suna, a auna. In babu ma'aunin kalifa, wato ɗan ƙarfen nan mai baki biyu kamar sifana da ake auna kauri da shi, sai a naɗa zare ko tsinken takarda a jikin bututun, a auna tsawonsa da rula, a raba da 3.1416. Kewayen milimita 189 yana nufin 60.3, kewayen 160 kuma 50.8.

Bango biyu ne, ba ɗaya ba

Kuskure na biyu yana faruwa ne ga masu bin hanyar da'ira biyu. Wajen neman faɗin ciki sai su cire kaurin bango sau ɗaya, su manta cewa layin da ya ratsa bututu bango biyu yake ketawa, na wannan gefe da na wancan. Faɗin cikin bututun misalin nan 52.48 ne, wato 60.3 a cire 7.82. Wanda ya cire 3.91 kawai zai samu 56.39, amsarsa ta ƙarshe kuma ta zama kilo 2.81 a mita, kusan rabin gaskiya.

A kan guda 40 wannan ya zama kilo 675. Mutum zai duba lambar ya ga motar a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya ta isa har da rara, alhali kilo 1305 za a labta mata, kuma kaya ne mai mita shida da zai yi leƙe ta baya. Abin da ya sa kuskuren yake da saurin shiga shi ne lambar 56.39 ɗin tana cikin ƙa'idar farko ma, a can kuma daidai take, domin faɗin tsakiya ce. Mutum yakan haɗa rabin wannan hanya da rabin waccan. Hanya ɗaya ya kamata a zaɓa a tsaya a kanta, kuma ta (D − t) × t ta fi wuyar ɓacewa.

Akwai kuma masu gaggawa da ke ninka D da t kai tsaye ba tare da cire komai ba. Wannan yana ƙara wa amsar misalin nan kashi 7 cikin ɗari. A babban bututu mai sirin bango ba a jin bambancin sosai, amma a ƙarami mai kauri yana da yawa.

Juya lissafin baya: daga sikeli zuwa kaurin bango

Amfanin da ya fi girma a wannan ƙa'ida shi ne idan aka juya ta. Auna kaurin bango a bakin bututu ba abin dogaro ba ne sosai. Injin yanka yana barin ƙaiƙayin ƙarfe a bakin, wanda ke sa kalifa ya nuna kauri fiye da gaskiya. Bututun da aka naɗe aka yi wa walda yana da ɗinki a ciki, in bakin kalifa ya hau kansa lambar za ta haura. Fenti ma yana ƙara nasa. Kuma ko an auna daidai, wuri ɗaya aka auna a cikin mita shida. Sikeli kuwa duk jikin bututun yake aunawa, don haka shi ne ke faɗin matsakaicin kaurin gaba ɗaya.

A koma ga mai waldar. An sauke masa kaya, ya ɗora bututu ɗaya a sikeli ya ga kilo 27.0, ba 32.6 ba. Ya ɗora wasu uku, duk kusan haka. Faɗin waje 60.3 ne kamar yadda aka ce. To nawa ne kaurin bangon? Idan w shi ne nauyin mita ɗaya, ga ƙa'idar a juye:

```
t = (D − √(D² − 4 × w ÷ 0.02466)) ÷ 2
```

Kilo 27 a raba da mita shida ya ba da 4.5. A ninka da huɗu a raba da 0.02466, a samu 729.9. D² shi ne 3636.1, in an cire 729.9 saura 2906.2, tushensa kuma 53.91. Wannan 53.91 ɗin ba komai ba ne illa faɗin ramin. A cire shi daga 60.3 a raba biyu, sai ga milimita 3.2. An biya kuɗin 3.91, an kawo 3.2.

Kafin ya ɗaga waya ya kira dila, akwai abubuwa biyu da ya kamata ya duba, domin ba kowane gibi ne ha'inci ba.

Na farko tsawo. Ba kowane bututun da ake kira cikakke ne mita shida ba. Da yawa daga waɗanda ake shigowa da su mita 5.8 ne, saboda su shiga kwantena mai ƙafa 20, wadda cikinta bai kai mita shida ba. Wasu kuma ƙafa 20 ne cif, wato mita 6.1. Idan nasa 5.8 ne, nauyin da ake tsammani ya sauka zuwa kilo 31.5, kaurin da kilo 27 ke nunawa kuma ya hau zuwa 3.3. Tef ɗin awo ne zai raba wannan gardama cikin minti ɗaya.

Na biyu shi ne sassaucin da ƙa'idar masana'anta ta yarda da shi. Babu injin da ke fitar da 3.91 daidai daga farko har ƙarshe. Ƙa'idar ASTM A53, wadda ake yawan bugawa a jikin irin wannan bututu, ta yarda bango ya gaza da kashi 12.5 cikin ɗari a kowane wuri, nauyi kuma ya haura ko ya gaza da kashi 10. Ga bututun nan, bango kada ya yi ƙasa da milimita 3.42, nauyin mai mita shida kuma kada ya yi ƙasa da kilo 29.4. Da a ce sikeli ya nuna 31 ko 30, babu abin cewa. Kilo 27 ya fita daga iyakar ta kowace fuska, ko da an yi masa rangwamen mita 5.8. Abin da aka kawo wani bututun ne daban, ko me aka rubuta a jikinsa. A kan guda 40 mai mita shida, ƙarfen da ya ɓace ya kai kilo 225, kusan bututu bakwai ke nan.

Dalilin da ya sa sikeli yake saurin tona asiri shi ne nauyi yana bin kauri kusan ƙafa da ƙafa. Da faɗin 60.3 da tsawon mita shida, bangon milimita 3.0 yana ba da kilo 25.4, na 2.5 yana ba da 21.4, na 2.0 kuma 17.3. Kowane rabin milimita kusan kilo huɗu ne. Rabin milimita ido ba ya ganinsa, amma kilo huɗu ko sikelin mai sayar da hatsi zai nuna. Ya fi kyau a auna guda biyar ko goma a tare a raba, saboda ɗan kuskuren sikelin ya bazu.

Idan ba baƙin ƙarfe ba ne

Lambar 0.02466 ta baƙin ƙarfe ce kaɗai. Wanda ya kai ta kan alminiyam zai samu amsa kusan ninki uku na gaskiya, domin densitin alminiyam kusan 2700 ne. Bututun misalin nan da alminiyam aka yi shi, kilo 11.2 zai yi maimakon 32.6. Jan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe nauyi, 8960, don haka zai kai kilo 37. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana tsakanin 7900 da 8000 ga nau'o'in da aka fi amfani da su, bambancinsa da baƙin ƙarfe ɗan kaɗan ne. Robar PVC tana kusan 1400, amma tana motsawa gwargwadon haɗin da kamfani ya yi. Wanda aka cika masa garin alli don a rage kuɗi yana iya fin na kirki nauyi, ya kuma fi shi saurin fashewa. Saboda haka gwajin sikelin da ke aiki sosai a ƙarfe ba a dogara da shi shi kaɗai a roba.

Bututun galbanaiz ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakken zinki, ciki da waje. ASTM A53 tana neman kimanin giram 550 na zinki a kowane murabba'in mita. Mita ɗaya ta bututun inci biyu tana da fuska kusan murabba'in mita 0.35 idan aka haɗa ciki da waje, wanda ya zama giram 195, ƙarin kashi uku da rabi cikin ɗari. A bututu mai sirin bango kason ya fi haka, tunda zinkin bai ragu ba, ƙarfen ne ya ragu. Soket ɗin da ke ɗaure a bakin bututu shi ma ba ya cikin lissafin, sai a kwance shi kafin awo.

Wani abin da ake mantawa shi ne abin da bututun zai ɗauka. Ƙa'idar nan nauyin bututu wofi take bayarwa. Ramin milimita 52.48 yana cin lita 2.16 a kowace mita, saboda haka bututun kilo 32.6 zai koma 45.6 in ruwa ya cika shi. A roba abin ya fi ban mamaki. Bututun PVC mai faɗin milimita 110 da bango 3.2 kilo ɗaya da rabi ne a mita, amma ruwan cikinsa kilo 8.4 ne. Wanda ya kafa maratayi a bango bisa nauyin robar kaɗai ya shirya wa ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na abin da zai rataya. Haka mai saka bututu a rijiyar burtsatse: ranar ciro famfo, da ruwan da ke cikin bututun za a ɗago.

Mayar da shi manhaja

Wanda ke yin wannan lissafi kullum gara ya ajiye shi a Excel ko Google Sheets. Idan D yana A2, t yana B2, L yana C2, densiti yana D2, sai a rubuta:

```
=PI()*(A2-B2)*B2*C2*D2/1000000
```

A Python kuma ga shi:

```python
from math import pi

def nauyi(D, t, L, rho=7850):
    if t <= 0 or 2 * t >= D:
        raise ValueError("duba D da t")
    return pi * (D - t) * t * L * rho / 1e6

print(nauyi(60.3, 3.91, 6))  # 32.62...
```

Layin `if` ɗin nan ba ado ba ne. Ƙa'idar ba ta san cewa bango ba zai iya wuce rabin faɗi ba. Idan yatsa ya zame aka rubuta 39.1 maimakon 3.91, ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ba da kilo 20.4 a mita, lamba mai kama da ta gaske, ga bututun da ba zai yiwu a ƙera shi ba. Dunƙulallen rodi mai faɗin 60.3, wanda babu rami a cikinsa sam, kilo 22.4 ne a mita, a nan t ya kai rabin D. Daga nan duk ƙarin da aka yi wa t sai amsar ta riƙa sauka, kamar ƙarin ƙarfe yana rage nauyi. Dole mai rubuta manhaja ya tare wannan da kansa.

Matsala ta biyu ta shafi masu yi wa mutanen Najeriya da Nijar manhaja ɗaya. A Maraɗi ko Damagaram, inda aka saba da rubutun Faransanci, waƙafi ake sa wa a lamba: 3,91. A Kano da Katsina ɗigo ake sawa: 3.91. Python zai ƙi karɓar `float("3,91")` ya fitar da kuskure, wanda shi ne alheri, domin an ga matsalar. JavaScript kuwa shiru zai yi. `parseFloat("3,91")` yana karantawa har ya iso waƙafin, ya tsaya, ya mayar da 3. Shafin zai nuna kilo 4.24 a mita, ragin kashi 22 cikin ɗari, babu wani jan rubutu. Faɗin ma haka, "60,3" zai koma 60. Gyaran gajere ne, a mayar da waƙafi ɗigo kafin a karanta:

```js
const t = Number(s.trim().replace(",", "."));
```

`Number` ya fi `parseFloat` dacewa a nan saboda in akwai wani tarkace a rubutun, kamar "3.91mm", zai mayar da `NaN` maimakon ya yanke abin da ya ga dama. Sai dai akwatin da aka bari wofi `Number` sifili yake ɗaukarsa, shi ma sharaɗin t ya fi sifili ne zai kama shi. Wannan gyaran na akwatin faɗi da kauri ne. A akwatin densiti wani zai rubuta "7,850" yana nufin dubu bakwai da ɗari takwas da hamsin, gyaran ya mayar da shi 7.85, amsa ta ragu sau dubu. Gara a cire wannan akwatin gaba ɗaya, a ba mutum jerin kayan ya zaɓa.

Bayan an gama rubutawa, a gwada manhajar da lambobin da aka san amsarsu daga jadawali. 60.3 da 3.91 su ba da 5.44 a mita ɗaya, 114.3 da 6.02 su ba da 16.07 ko 16.08. In na farko ya fito 2.81, an cire bango sau ɗaya ne. In ya fito da sifili barkatai a gaba ko a baya, an haɗa milimita da mita a wani wuri.

Duk wannan na zagayayyen bututu ne. Mai kusurwa huɗu, irin wanda ake ƙofofi da tagogi da shi, shi ma ana shimfiɗa shi kamar tabarma, amma kewayensa na tsakiya 4 × (a − t) ne, inda a yake faɗin gefe ɗaya, babu π a ciki. Na milimita 50 da bango 2 zai ba da 384, a ninka da 0.00785 a samu kilo 3.01 a mita. Na gaske yakan ɗan gaza haka da kashi biyu ko uku cikin ɗari, saboda kusurwoyinsa a lanƙwashe suke, ba su kai tsinin da lissafin ya ɗauka ba.